WhatsApp, imel ko takarda? Zare ga masu zuwa SIWES

1/ Ina cikin wata na huɗu na SIWES a wani ofishin gwamnati, kuma na lura hanyar da ka aika saƙo tana yawan yanke hukuncin ko za a amsa shi. Tambayar da nake yi wa kaina yanzu ɗaya ce: wa zai nemi wannan saƙon bayan wata uku, kuma a ina zai duba? Zare ne, ku biyo ni.

2/ Bari in ɗauki misalin da kusan kowa zai ci karo da shi. Makaranta ta sa jarrabawar wani kwas ranar Laraba, kai kuma kana wurin aiki a wani gari. Kana buƙatar kwana uku: Talata tafiya, Laraba jarrabawa, Alhamis dawowa. Magana ɗaya ce, amma sai ta bi hanyoyin nan uku, kowace da aikinta.

3/ WhatsApp ne farko, don jin ra'ayin oga. Gaisuwa da buƙata a saƙo guda: "Barka da safiya, ranka ya daɗe. Wane ne, ɗalibin SIWES na sashenka. An sa mana jarrabawa ranar Laraba 14 ga wata, ina neman izinin 13 zuwa 15. In ka amince zan kawo takarda gobe." Shi ke nan.

4/ Don Allah a daina tura "Salam" kaɗai a zauna jiran amsa. Mu a tsakaninmu ladabi ne, amma mutumin da ke da saƙo hamsin ba zai tsaya tambayar ka me ke tafe da kai ba. Saƙon murya ma haka. Oga yana cikin taro, ba zai kara waya a kunne na minti uku ba, kuma in ya so tuna kwanan da ka ambata sai ya sake saurara daga farko.

5/ To ya amsa da "ba damuwa". Nan mutane ke tsayawa, kuma nan matsalar take. Wannan amsar tana cikin wayoyi biyu ne kawai, ofishin bai san da ita ba. Wayar na iya ɓata. Mai saƙo na iya gyara shi cikin minti 15, ko ya danna Delete for everyone. In kuma ya kunna disappearing messages, bayan awa 24, ko kwana 7, ko kwana 90, hirar ta tafi da kanta.

6/ Ba ma sai an yi mugunta ba. Wata ɗaliba da muka zo tare ta samu izini ta waya, ta yi tafiyarta. A makon ne ogan nata ya tafi kwas, kuma a makon malamin da makarantarsu ta turo dubiya ya iso. Ya duba rajistar zuwa aiki, kwana uku babu sa hannu. Mataimakin oga ya ce shi bai san da maganar ba, kuma gaskiyarsa ce. Ta nuna hoton hirar, aka ce ba abin da za a sa a fayil ba ne. Sai da ogan ya dawo aka warware.

7/ Shi ya sa takarda. Amfaninta ba manyan kalmomin Turanci ba ne, amfaninta shi ne tana shiga fayil. A ofishin da nake, abin da bai shiga fayil ba kamar bai faru ba ne.

8/ Ga yadda take tafiya. Ana rubuta ta ga shugaban ma'aikata ko na sashe, ba ga ogan da kake zama kusa da shi ba. Shi sunan muƙaminsa yana zuwa a ƙasa bayan kalmar Through:, wato ta hannunsa za ta bi. Sai kanun magana a layi ɗaya, sai jimla uku ko huɗu: dalili, kwanakin da kake nema da lambobinsu, ranar da za ka dawo. Sai sa hannu, cikakken suna da lambar ɗalibi. Ka maƙala jadawalin jarrabawar a baya.

9/ Wannan Through ɗin ba ado ba ne. In ka tsallake oganka ka kai takarda sama kai tsaye, za a dawo da ita a tambaye shi, shi kuma ya ji ka yi masa tsallake. Kwana biyu sun tafi a banza, ga fuska a ɗaure.

10/ Abin da ya fi komai: kwafi biyu za ka buga. Ka miƙa ɗaya, a buga wa ɗayan hatimi da kwanan wata, wanda ya karɓa ya sa hannu, ka tafi da abinka. Wani magatakarda dattijo ne ya nuna min wannan. Ya ce, "Ɗana, takardar da ba ka da shaidar an karɓa, ba ka kawo ta ba." Amma a lura, hatimin yana nuna an karɓa ne, ba an amince ba. Amincewa ita ce abin da shugaba ya rubuta a jikin takardar da biro. Ita za ka tambaya kafin ka shiga mota.

11/ Imel fa? A wannan misalin aikinsa shi ne sanar da wanda ba ya cikin ginin, wato malamin da ke kula da kai daga makaranta. Ka ɗauki hoton takardar da aka amince, ka mayar da ita PDF, ka tura masa. Imel yana ajiye rana da lokaci, ana iya nemo shi da kalma ɗaya bayan shekara, kuma fayil ɗin yana isa yadda ka tura shi. WhatsApp kam matse hoto yake yi har hatimi ya dusashe, sai dai in ka tura shi a matsayin Document.

12/ Gurbin Subject shi ne rabin aikin. Sunanka, lambarka, da abin da ake ciki, har da kwanakin. Imel mara kanu daga adireshi mai laƙabin da abokai suka sa maka a sakandare, wallahi ko buɗe shi ba lallai a yi ba. Ka buɗe wani da sunanka na gaskiya, minti biyar ne.

13/ Sai Cc. Ka sa oganka na wurin aiki don ya san abin da ka faɗa wa makaranta, ya isa. Sa shugaban oganka a Cc kan ƙaramar magana, a ofis ƙara ake ɗaukar sa, ko da ba haka ka nufa ba.

14/ Amma fa kar a ruɗe, imel ba ko'ina yake da rai ba. Akwai ofisoshin da adireshin yana jikin takardarsu amma ba wanda ya buɗe shi tun bara. Abokina da ke SIWES a kamfanin manhaja kuma cewa ya yi takarda dariya za ta ba su, izini a wurinsu imel ne kawai. Don haka a makon farko ka tambayi sakatariya: in mutum zai nemi izini, me yake kawowa? Sannan in ka tura imel mai gaggawa, ka bi shi da layi ɗaya a WhatsApp cewa ka tura.

15/ Wasu abubuwan kam ban yarda a yi su a hira ba ko a wane irin ofis ne: kuɗi, amsa takardar tuhuma, ajiye aiki. Sashe na 11 na dokar ƙwadago ta Najeriya ma ya ce sanarwar barin aiki ta mako ɗaya ko fiye a rubuce ake ba da ita. Wanda aka ba takardar tuhuma ya amsa da saƙon murya yana ba da haƙuri, a fayil ɗinsa tuhumar ce kawai za a gani, babu amsa.

16/ In kuma oga ya ba ka umarni da baki kan abin da ya shafi kuɗi ko kayan ofis, ba rashin kunya ba ne ka bi shi da gajeren imel: "Ranka ya daɗe, kamar yadda ka umarta yau da safe, zan karɓo katan biyar na takarda daga sito." Ko bai amsa ba, maganar tana nan da ranarta.

17/ Su kuma "na makara, motarmu ta lalace a hanya" da "an kawo wuta?", WhatsApp ya ishe su. Ba wanda zai neme su gobe.