Jan kafso biyu da maɗigar 'yar ƙanwata

Wannan makon labarin gidanmu zan ba ku.

Ƙanwata tana aure a Kiru. Lokacin makon lafiyar mata da yara, ma'aikatan lafiya suka ɗiga wa 'yarta mai wata tara shuɗin kafso na bitamin A, kamar yadda ake yi wa kowane yaro. Bayan kwana uku ta tafi ganin gida Tudun Wada. Innarmu ta ga idon yarinyar yana kwantsa, sai ta kwance bakin zane ta fito da jajayen kafso da wata 'yar uwarmu ta kawo mata daga Doguwa, wai maganin ido ne. Ta matse mata ɗaya da dare, ta ƙara ɗaya da safe.

Kafin la'asar yarinya ta ƙi nono, sai amai da kuka, maɗigarta ta kumburo. Ina Bebeji aka kira ni, kuma wallahi har na wuce Kwanar Ɗangora sanƙarau nake ta rayawa a zuciyata. A asibiti aka auna ta, babu zazzaɓi. Sai ma'aikaciyar jinyar ta dubi Inna ta ce, "Mama, me aka ba ta a gida?" Inna ta miƙa mata ragowar.

A gabanmu ta yi lissafin. Shuɗin kafso IU 100,000 ne, na yaro mai wata 6 zuwa 11. Ja kuwa IU 200,000 ne, na ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, kuma sau ɗaya ake ba da shi a cikin wata huɗu zuwa shida. Yarinyarmu ta sha 500,000 a ƙasa da mako guda, alhali abin da jikinta yake buƙata a rana bai kai 2,000 ba.

Ni da na ɗauka bitamin ba ya yawa. Wanda ya taɓa shan ƙwayar bitamin B ya san yadda fitsari yake komawa rawaya shar. To wannan rarar ce take fita, domin B da C a ruwa suke narkewa, ƙoda ta tace ta zubar da mafi yawansu. Amma A da D da E da K a maiƙo suke narkewa, ba sa bin fitsari haka nan. Bitamin A hanta ce take ajiye shi, kamar rumbu, tana sakin kaɗan-kaɗan cikin jini. Shi ya sa kafso ɗaya yake riƙe yaro watanni. Idan aka ɗura fiye da abin da rumbun zai ɗauka, sai rarar ta riƙa yawo a jini, ta sa ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa ya matse. Babba zai ji ciwon kai mai tsanani da gani bibbiyu. Jinjiri ba ya magana, kuma ƙashin kansa bai gama haɗewa ba, sai maɗiga ta nuna.

Nata na lokaci ɗaya ne, kwana biyu maɗigar ta koma. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai taruwa a hankali, irin na mutumin da ya haɗa man hantar kifi da ƙwayar ƙarin bitamin daga kemis yana sha kullum tsawon watanni. Leɓe ya tsattsage, fata ta bushe, gashi ya zube, ƙashi ya riƙa ciwo, daga baya hantar kanta ta taɓu. Mu nan kuwa wa zai zargi bitamin? Sai a ce hunturu ne ko sanyin ƙashi, a koma kemis a ƙaro wani. Ko an daina sha, alamun sukan ɗauki makonni kafin su lafa.

Mai ciki ta fi kowa shiga haɗari, musamman a watannin farko, domin yawansa yana iya nakasa ɗan tayi. Ƙa'ida ita ce kada ta wuce IU 10,000 a rana, kuma giram 100 na hantar saniya kaɗai ya haura 15,000. Tsiren hanta jefi-jefi daban, kullum daban. Jan kafson yara kuwa ba nata ba ne sam.

Karas da zogale da manja da mangwaro ba sa cikin wannan. Abin da ke cikinsu jiki ne yake juya shi ya zama bitamin A gwargwadon buƙatarsa. Iyakarsa tafin hannu ya yi rawaya, farin ido yana nan fari. In idon ya yi rawaya, wannan shawara ce, a tafi asibiti.

Da wata shida ya zagayo, Inna ta ce ba za a sake ɗiga wa jikarta komai ba. Sai da muka yi da gaske, don rashin bitamin ɗin yana kawo dundumi, kuma yaron da ba shi da isasshe ƙyanda ta fi kayar da shi. Aka ɗiga mata ja ɗaya, aka rubuta a katinta. Ragowar na bakin zanen Inna kuwa tun ranar ma'aikaciyar jinyar ta riƙe su, guda shida.