Wa Zai Riƙe Makullin Sito?

Duk Bahaushen da ya yi shekara ɗaya ko biyu yana karatu a Birtaniya, da wuya a ce ba a taɓa miƙo masa wata takarda an roƙe shi ya juya ta zuwa Hausa ba. Yawanci sanarwar taro ce ko wasiƙar gaisuwa, abin da mutum zai gama kafin shayinsa ya huce. To amma akwai takarda guda da nake jan hankalin 'yan'uwa ɗalibai kada su ɗauke ta da wasa, wato bayanin aiki. Ita ce takardar da ke faɗin abin da ma'aikaci zai yi, da wanda yake ƙarƙashinsa, da abin da ake so ya iya kafin a ɗauke shi. Ranar ɗaukar aiki ba kowa ke karanta ta da kyau ba. Ranar da kaya suka ɓace kuwa, ita za a ɗauko a shimfiɗa a kan tebur, a bi ta layi-layi ana neman mai laifi.

A shekarar 2019 wata ƙaramar ƙungiyar agaji ta garin da nake karatu ta ba ni irin wannan takarda. Suna tallafa wa wani asibitin sha-ka-tafi a karkarar arewacin Najeriya, kuma suna son ɗaukar wanda zai riƙe siton magani. Takardar shafi ɗaya da rabi ce, Turancinta sumul. Sai da na zauna juya ta na ga cewa rabin jimlolinta ba su faɗi komai ba, domin Hausa ta ƙi karɓarsu a yadda suke.

Aiki na farko a jerin kalma uku ne kacal, kuma kalmar da ke ɗauke da nauyinsa ita ce wadda muka aro muke cewa manaja. Mai karatu ya san abin da ta zama a bakinmu: idan Bahaushe ya ce a yi maneji, nufinsa a lallaɓa da ɗan abin da ya samu, ka ga kuwa ba a son a yi maneji da magani. Abin da ya fi kusa shi ne a ce "kula da kayan sito". Sai dai "kula da" riga ce da ke shiga wuyan kowa. Uwa tana kula da yaro, maigadi yana kula da ƙofa, hedimasta yana kula da makaranta, kuma ba aiki ɗaya suke yi ba. Da na warware kalmar sai na tarar da aiki biyar a cikinta: karɓar kaya idan an kawo, ƙirga su, fitar da su, rubuta odar sababbi, da biyan kuɗinsu. Wanne ne na mai sito?

Na aika wa ƙungiyar wannan tambaya, amsa ba ta zo ba sai bayan kwana takwas. Ashe su kansu ba su taɓa yanke shawara ba. Na Birtaniya suna zaton mai sito ne zai riƙa yin oda, shugabar asibitin kuma, wadda a can ake ce wa incaji, tana ganin oda aikinta ne. Kalmar Turancin ta rufa wa kowa asiri, kowa ya karanta ya ga abin da yake so. A ƙarshe aka tsaya a kan uku na farko, na rubuta kowanne a layinsa. Na fitar da kaya, alal misali, ya zama haka: "Zai riƙa fitar da magani ne kawai idan an kawo takardar da incaji ta sa wa hannu, ya fara da wanda wa'adinsa ya fi kusa ƙarewa, ya rubuta abin da ya fita a katin kayan nan take."

A lura da "zai riƙa". Turanci yakan jera ayyukan nan da kalmar aikatau tsirara, ba lokaci, ba mai aikatawa. Hausa ba ta yarda da haka, dole ka zaɓa. Idan ka ce "zai ƙirga kaya", ya ƙirga sau ɗaya ya sauke nauyi. Idan ka ce "yakan ƙirga", ka mai da abin al'ada, ran da ya ga dama. "Zai riƙa" ce ke nuna aikin da ake maimaitawa, ita ma kuma tana neman a ce sau nawa. Takardar ta ce a riƙa duba firijin allurar rigakafi a kai a kai. A kai a kai ɗin wa? Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bi sananniya ce: yawancin alluran ana ajiye su tsakanin digiri 2 da 8 a ma'aunin Salsiyas, ana duba ma'aunin sau biyu a rana, safe da yamma, har ranakun hutu. Na sa waɗannan alƙaluma, sai wata tambayar ta ɓullo: ranar Lahadi da mai sito ba ya aiki fa? Aka ce ma'aikacin jinya mai aiki a ranar, na rubuta.

A layin firijin nan ne na fi daɗewa. Turancin ya ɗora wa mai sito tabbatar da cewa sanyin bai fita daga ƙa'ida ba. Amma ba shi ke sayen man janareta ba, ba shi ke kiran mai gyara ba. A nawa ganin, zalunci ne ka rubuta wa mutum alhakin abin da ba ya hannunsa, ko da kuwa haka asalin takardar ta ce. Na shawarci ƙungiyar a mai da shi abin da zai iya: ya duba, ya rubuta, idan ya ga ƙasa da 2 ko sama da 8 ya sanar da incaji a take, ya rubuta lokacin da ya sanar da ita. Suka yarda.

Sai batun shugabanci. Kalmar da Bature ke nuna wanda kake ƙarƙashinsa da ita, ita ce dai muka aro muke cewa rahoto. Saboda haka hannu yakan yi saurin rubuta "zai kai rahoto ga incaji", alhali a Hausa wannan na nufin zai kai mata takarda ko labari, ba wai ita ce shugabarsa ba. Takardar tawa ta ƙara dagula abin, domin ta ce yana yin haka ga incaji da kuma akanta. Jirgi ɗaya, matuƙa biyu. Maimakon neman kalma, sai na yi tambaya huɗu: wa ke ba shi aikin yini, wa ke ba shi izinin hutu, wa ke auna aikinsa a ƙarshen shekara, wa kuma ke da ikon ba shi takardar gargaɗi? Duk huɗun suka faɗa kan incaji. Akanta lissafin wata kawai yake karɓa. Na rubuta: "Yana ƙarƙashin incaji, daga gare ta kaɗai yake karɓar umarni. Zai riƙa miƙa wa akanta lissafin kaya a ranar aiki ta ƙarshe a kowane wata. Akanta ba ya ba shi umarni." Jimlar ƙarshen ba ta cikin Turancin, sai da na nemi izini kafin na ƙara ta. Wanda ya san ƙauye ya san dalili: idan akanta ya girme shi, ko abokin mahaifinsa ne, yaro ba zai iya ce masa a'a ba sai da takarda a hannu.

Sunan muƙamin bai ba ni wuya sosai ba. Ma'aji zai sa a zaci kuɗi zai riƙe, ma'ajiya kuma ana iya ɗaukar ta ɗakin ajiyar ne. Na sa "mai riƙon siton magani", tunda "mai" ba ta bambanta mace da namiji. Ƙungiyar ta damu da wannan, don ta saba da Dokar Daidaito ta 2010 da ta hana wariyar jinsi wajen ɗaukar aiki a Birtaniya. Tunda Hausa sai ta ce "zai" ko "za ta", na sa jimla ɗaya a sama cewa duk inda aka ce "zai", mace ko namiji ake nufi.

Wajen ƙwarewa, Turawa sukan kasa ta biyu, wadda dole ne da wadda aka fi so, kamar dai farilla da mustahabbi. Na ware su da kanu biyu, don kada mai nema ya ga kwamfuta a jerin ya fasa, alhali ba dole ba ce. An nemi mai Hausa da Turanci sosai. Idan na ce "mai jin Hausa", duk garin sun cancanta. Wani kuma yana karanta ajami kamar ruwa amma boko na ba shi wuya. Abin da aikin ke bukata shi ne karatu da rubutun Hausar boko, da Turancin da zai isa a karanta sunan magani da ranar ƙarewar wa'adinsa a jikin kwali. Iya lissafi ma na mai da shi abin da za a gwada a ranar intabiyu: a ba shi katin kaya da ke nuna kwali 40 a farkon wata, an karɓi 25, an fitar da 52, a ga ko zai ce saura 13.

Da na gama, na buga wa kawuna waya, wanda ya yi shekaru yana sitokifa a ƙaramar hukuma kafin ya yi ritaya. Ban tambaye shi ko Hausar ta yi daɗi ba, don na san zai ce madalla. Na karanta masa, sannan na riƙa jefa masa tambaya kamar shi ne aka ɗauka. Akanta ya ce ka fitar da kwali biyu, incaji ba ta nan, ya za ka yi? Ya ce ba zai bayar ba. Firiji ya nuna 10 da safe fa? Ya ce zai rubuta ya kira incaji. Sai shi kuma ya juyo da tasa.

"Kai yaro, makullin nan guda nawa ne?"

Na ce, "Kawu, takardar ba ta faɗa ba."

Ya ce, "To idan akwai na biyu a aljihun wani, kada a tambaye ni abin da ya ɓace."

Aka bincika, makulli uku ne, ɗaya ma yana wurin maigadi. Aka rage su zuwa biyu, aka rubuta cewa na biyun yana cikin ambulan da aka liƙe a ofishin incaji, kuma duk ran da aka buɗe da shi za a ƙirga kaya a gaban mutum biyu.

Layin ƙarshe na takardar shi ne wanda kusan kowane bayanin aiki ke rufewa da shi, cewa ma'aikaci zai yi duk wani aikin da aka ba shi. Idan aka bar shi haka a Hausa, har aiken cefane ya shiga ciki. Na ɗaure shi: "da sauran ayyukan da suka shafi sito, waɗanda incaji ta ba shi." Zuwa lokacin takardar Hausar ta kai shafi biyu da rabi, ta bar ta Turancin a baya, don haka ƙungiyar ta sake rubuta Turancin daga ita. Aka sa wa biyun kwanan wata ɗaya, aka kuma rubuta a ƙasan kowacce cewa idan an sami saɓani, ta Hausar za a bi, tunda ita ce mai sito zai karanta ya sa wa hannu.