Abin da Boko Bai Rubuta Ba

Rubutun boko na Hausa ya dogara ne ga kunnen mai karatu. Ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Bahaushe na cike giɓin ba tare da ya lura ba, amma na'ura ba ta da wannan gadon. Na gane nauyin wannan magana sa'ad da na ɗauki aikin koya wa kwamfuta karanta Hausa da murya, alhali abin da ke hannuna bai wuce awa uku na muryar mace ɗaya ba.

Awa uku kaɗan ne ƙwarai. Tarin muryar Ingilishi da ake kira LJSpeech, wanda masu wannan aiki suka saba gwaji da shi, ya kai kusan awa 24. Don haka na ɗauko manhajar da ta riga ta koyi magana da wancan tarin, na ɗora mata Hausa. Na yanka naɗin jimla-jimla, kowace ƙasa da daƙiƙa goma, na haɗa ta da rubutunta, na mayar da lambobi kalmomi, na tabbatar kowace ƙugiya na wurinta, kada ƙafa ta zama kafa.

Muryar ta fito garau, sai dai ma'ana ta riƙa zamewa. Ɗauki kalmar kuka. Ta hawaye gaɓoɓinta biyu duk a sama suke. Ta bishiya kuwa gaɓar ƙarshe ƙasa take sauka. A takarda ba su da bambanci. Da babban tari, na'ura kan ji kowacce sau da yawa har ta gane ta daga maƙwabtanta. Da ƙaramin tari kuwa, wadda ta fi ji ita take furtawa ko'ina, ko ta tsaya tsakani, ba tsuntsu ba dabba.

Abin ya fi tsanani a nahawu. "Ya tafi" da dogon wasali labari ne. Da gajeren wasali da karin ƙasa umarni ne. Saƙon asibiti da ya rikita waɗannan zai iya ɓatar da wanda bai iya karatu ba, alhali dominsa ake yin aikin.

Maganin shi ne komawa ga naɗin da kunne. Na ninka dogon wasali, na sa alama kan karin ƙasa, bisa yadda mai karatun ta furta. Sannan na jera tagwayen kalmomi cikin jimlolin da na'urar ba ta taɓa ji ba, na sa Hausawa su faɗi wadda suka ji.

Duk da haka, sabon rubutu kullum ba alama yake zuwa. Ƙamusun Bargery na 1934 ya nuna karin kalmomi, amma ba zai faɗa maka wace "ya" marubuci ke nufi ba. Wannan hukunci har yau sai an duba jimlar gaba ɗaya.