Tsakanin «Sha» da «Shanye»: Abin da Aikatau na Rashanci Yake Tambaya

Duk Bahaushen da ya san bambancin «na sha shayi» da «na shanye shayin» ya riga ya riƙe rabin nahawun aikatau na Rashanci. Da wannan nakan fara wa matasan Ƙaraye da Rogo da ke zuwa wurina kafin su tafi karatu Rasha, domin a nan harshen yake kayar da baƙo, ko da kuwa ya haddace kalmomi dubu.

A Hausa, lamirin da ke gaban aikatau shi ke ɗauke da yanayin aiki: ya sha, yana sha, yakan sha. Rashanci kuwa a jikin aikatau ɗin yake sa shi, har kusan kowane aiki yana da tagwayen kalmomi. Ɗaya cikakke ne, mai nuna aiki ya kai iyakarsa ya bar sakamako. Ɗayan buɗaɗɗe ne, yana ambaton aikin ba tare da duban ƙarshensa ba. «Ya pil cai» na nufin ina shan shayi, ko na sha. «Ya vipil cai» kuwa na shanye, kofi ya koma wayam.

Akwai gwaji mai sauƙi. In za ka faɗi tsawon lokacin da ka ɓata a kan aiki, buɗaɗɗe za ka ɗauka: «ya cital knigu dva casa», na yi awa biyu ina karanta littafin. In kuwa a cikin awa biyun ka gama, sai cikakke da ƙaramar kalmar «za»: «ya procital knigu za dva casa». Haka labari yake tafiya. Cikakkun aikatau su ne ke jeruwa kamar «sai ya shiga, sai ya zauna», buɗaɗɗu kuma su shimfiɗa abin da ake ciki sa'ad da hakan ta faru.

Wurin da na fi jan kunnen masu shirin karatun likita shi ne labarin abin da ya wuce. A ce kana jinyar wani, ka fita sayen magani, ka dawo ka tambayi ma'aikaciyar jinya. In ta ce «doktor prishol», likita ya zo kuma yana nan, sai ka hanzarta ka same shi. In ta ce «doktor prihodil», ya zo ya riga ya tafi. Buɗaɗɗen a nan yana nuna aikin ya faru, amma sakamakonsa ya warware. Hausa «ya zo» za ta ce a duka biyun, sai ta ƙara «ya tafi» ko «yana ciki». Wanda kunnensa bai saba ba yana iya zama jiran mutumin da ya yi nisa.

Kwatancin «shanye» yana da iyaka, kuma al'ada ce iyakarsa. Bahaushe zai iya cewa «kullum yakan shanye shayinsa». A Rashanci, da zarar an ce «kajdi dyen», wato kowace rana, ko «casto», wato sau da yawa, buɗaɗɗe ake kawowa, ko da aikin yana ƙarewa kowane karo. Maimaici ya rinjayi kammalawa. Saboda haka duk inda Hausa ta sa «kan», ka nemi buɗaɗɗe, haka ma inda ta sa «taɓa», domin «ti cital etu knigu?» na nufin ka taɓa karanta littafin nan?

Roƙo ya fi duka laushi. Buƙata guda tak, wadda mai sauraro bai yi tsammani ba, da cikakke ake yin ta: «zakroitye dver», ku rufe ƙofa. Amma baƙon da ya shigo gida, wanda kowa ya san zama zai yi, «saditye» ba a ce masa a gajarce ba, «sadityes» ake cewa, buɗaɗɗe, daidai da «bismillah, zauna» da muke yi a zaure. Cikakken, «syadtye», yana iya fita da kaifin umarni, kamar na malami ga ɗalibin da ya miƙe ba izini.

Hani ma kashi biyu ne. In kana hana abin da mutum zai yi da gangan, buɗaɗɗe ne: «nye zakrivaitye dver», kada ku rufe ƙofa. In kana gargaɗi kan abin da ka iya afka masa ba da nufinsa ba, sai cikakke: «nye upadi», kada ka faɗi, abin da za a ce maka ran da ƙanƙara ta rufe titi. Na farko magana ce da niyyar mutum, na biyu kuwa tsoron tsautsayi ne.