Shago a Ƙasa, Iyali a Sama: Kundin Zanen Wani Gida a Maigatari

Laraba. Mun auna filin Alhaji: ƙafa 40 a bakin titi, 60 ta gefen lungu. Shagon kayan masarufi yake so a ƙasa, iyalinsa a bene. Filin kwana ne, saboda haka kowace ƙofa za ta samu bangonta.

Alhamis. Ranar kasuwar Maigatari ce, sai na wuni a wurin ina kallon zirga-zirga. Ga fatake daga Nijar, ga mutanen Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar. Mai ciniki ba ya tsayawa a bakin kanta kawai. Yakan jingine babur, ya zauna a inuwa, 'yan dako su tare gaba da buhuna. Ƙofar gida in ta kalli titi, matan gidan sai sun ratsa maza kafin su fita. Na mayar da ita lungu, ƙafa 25 daga kwana, inda inuwar rumfar shago ba ta kaiwa.

Juma'a. Bayan masallaci Alhaji ya ce, "Malam, a sa matakala cikin shago mana, mu rage kashe kuɗi." Na ce, "Alhaji, ran da ka ba da shagon haya fa? Ko gobara ta tashi da dare, ta ina yara za su sauko?" Ya amince. Matakala ta koma bayan zaure, bangon bulo mai inci 9 ya raba ta da shago har dekin. Ƙofar ciki ta zaure na goce ta daga saitin ta waje, don mai sallama kada ya hango tsakar gida.

Asabar. Lissafin matakala. Daga daɓe zuwa daɓen sama ƙafa 10 da rabi ne, wato inci 126. In kowane taki ya tashi inci 7, taki 18 ke nan, tara-tara, da wurin hutawa a tsakiya. Faɗin matakalar ƙafa 3 da rabi, don gado ya iya hawa. Na gargaɗi magini cewa taki ɗaya in ya ɗara sauran tsayi, nan tsoho zai yi tuntuɓe. Ba janareto ba jarkar fetur a ƙarƙashinta.

Litinin. Hajiya ta aiko cewa tana son hanyar miƙa wa Alhaji abinci. Na buɗe ƙofar ƙarfe ɗaya daga sito zuwa tsakar gida, sakatarta ta ɓangaren gida. Banɗakin sama na ɗora shi kan na ƙasa, don bututu in ya yi yoyo kada ya jiƙa buhunan shinkafa. Baranda ta kalli tsakar gida, mitar wuta kowa da tasa. Gobe za mu kafa turaku, mu ja igiya, Alhaji ya taka hanyoyin biyu da ƙafarsa kafin a haƙa tushe.