Hoton Tebur Ba Data Ba Ne Tukuna

Lokacin babi na huɗu ya kama, kuma sau uku a watan nan ana turo min hoto ta WhatsApp da saƙo iri ɗaya: "Ga datata nan, don Allah taya ni fitar da matsakaici." Amsata ba ta canzawa: wannan hoton takarda ne, data kam da saura.

Mu da muke nesa da gida mun fi kowa faɗawa wannan. Kana Ibadan ko Fatakwal, mutanen da kake bincike a kansu suna gida, kuɗin mota kuwa ba wasa ba. Dole ka sa ƙani ko aboki ya cika maka takardu ya ɗauko hoto. Ni ma haka na yi. Digirina na biyu a kan noman masara ne, kuma ƙanena ne ya zagaya wajen manoma 120, kowane da tambayoyi 8. Hotuna shida ya turo min, amma aikin da ke cikinsu akwati 960 ne, ɗaya bayan ɗaya.

Bari in fara da sassan tebur, kamar yadda za ka gan su a Excel.

Layin kwance shi ne ro. Ro ɗaya, abu ɗaya da ka bincika. A wajena manomi ɗaya ne. A wajenka yana iya zama majinyaci ɗaya ko makaranta ɗaya. Excel yana ba su lamba a gefen hagu: 1, 2, 3.

Layin tsaye shi ne kolam. Kolam ɗaya, tambaya ɗaya da aka yi wa kowa: ƙauye, faɗin gona, yawan buhu. Su kuma haruffa ake ba su a sama: A, B, C.

Heda ita ce ro na farko, inda aka rubuta sunan kowane kolam. In ba ita, 12 lamba ce kawai; ba ka san ko buhu ba ne, ko shekaru, ko yawan 'ya'ya. Kuma a nan ne ma'auni yake zama. "Buhu" kaɗai bai isa ba, tunda akwai mai kilo 50, akwai mai kilo 100.

Akwati, wanda ake ce wa sel, shi ne mahaɗar ro da kolam. Kowane yana da adireshinsa. D4 na nufin kolam D, ro na 4. Abu ɗaya tak yake ɗauka: ko lamba, ko rubutu, ko kwanan wata.

To me ya sa hoto bai wadatar ba? Saboda idonka ne yake ganin layuka da lambobi a ciki. Ita kwamfuta ɗigo-ɗigon launi take gani, baƙi a nan, fari a can. Babu D4 a cikin hoto. Ba za ka iya cewa ta tara maka kolam ba, ko ta jera manoma daga babba zuwa ƙarami, ko ta ware na ƙauye guda. Ko ka manna hoton a tsakiyar Excel, yana nan ne a saman akwatunan kamar kalanda a bango, akwatunan da ke ƙarƙashinsa wayam.

Wani zai ce ai akwai manhajar da ke karanta hoto ta mayar da shi tebur. Gaskiya ne, Excel kansa yana da Data from Picture, kuma yana taimakawa in teburin bugun inji ne, hoton ya fito tas. Rubutun hannu fa? Sai 1 ta zama 7, sifili ya zama harafin O, ɗigon da ke cikin 2.5 ya ɓace gona ta koma hekta 25. Ga shi WhatsApp yana rage ingancin hoto in ba a matsayin fayil aka turo shi ba. Saboda haka ko inji ne ya kwafa, sai ka bi kowane akwati da idonka.

Kuma ko an kwafa daidai, ba a gama ba. Takarda don mutum aka rubuta ta, shi kuwa mutum yana cike gurbi da hankalinsa. Ga manoma biyar na farko idan aka kwafe su yadda suke a takarda:

```
lamba,kauye,hekta,buhu_100kg
1,Gabas,2.5,12
2,,1,8
3,,2,buhu 10
4,Yamma,1.5,-
5,,3,15
```

Kai da ka duba, ka san manomi na 2 da na 3 'yan Gabas ne, an bar wurin ne don kada a maimaita. Kwamfuta ba ta san haka ba. Ka ce ta ware 'yan Gabas, mutum ɗaya za ta ba ka. Dole a rubuta sunan ƙauyen a kowane ro.

Yanzu dubi kolam D. Da ka za ka tara 12, 8, 10 da 15 ka samu 45. Gwada waɗannan:

```
=SUM(D2:D6)
=COUNT(D2:D6)
=COUNTA(D2:D6)
```

Na farko zai ba ka 35, ba 45 ba. "buhu 10" rubutu ne a wajen Excel, sai ya tsallake shi shiru, ko gargaɗi babu. Na biyu yana ƙirga akwatunan da ke da lamba, zai ce 3. Na uku yana ƙirga duk akwatin da ba fanko ba, zai ce 5. Wannan bambancin na 3 da 5 shi ne ƙararrawarka: akwai akwati biyu da ba lamba ba ce a ciki. Wata alamar kuma, in ba ka taɓa tsarin shafin ba, lamba tana jingina dama, rubutu yana jingina hagu.

Sai ɗan layin nan na manomi na 4, wanda ya fi komai haɗari. Me yake nufi? In bai girbe komai ba ne, sifili za a sa, matsakaici ya zama 45 raba 5, wato 9. In kuma ba a samu amsarsa ba ne, akwatin fanko za a bari, matsakaici ya zama 45 raba 4, wato 11.25. In ka bar teburin yadda yake, Excel zai raba 35 da 3 ya ba ka kusan 11.7. Amsa uku daga takarda ɗaya, kuma ɗaya ce kawai za ka iya tsayawa a kanta ranar kare aiki. Babu manhajar da za ta warware wannan. Waya na ɗauka na kira ƙanena, ya ce ranar mutumin ya tafi kasuwa, ba a same shi ba. Fanko ke nan.

Abu na ƙarshe, in takardar tana da layin "jimla" a ƙasa, kada ka shigar da shi cikin manoma, don za a tara komai sau biyu. Ajiye shi gefe ka gwada da abin da SUM ya ba ka. In sun yi daidai, alama ce mai kyau. In sun saɓa, koma kan takarda.

Hoton kuma kada ka goge shi, shi ne shaidarka in sufabaiza ya tambayi inda wata lamba ta fito. Duk mai turo min aiki, ya turo fayil ɗin Excel tare da hoton, sai mu zauna a kai. Allah Ya ba mu sa'a, Ya sa mu gama lafiya.