Ganyen da ke jikin fosta da daren da Gwaggo ta tashi daga kallo

A shekarar da Gwaggo ta baro Babban Duhu ta dawo gidana a Katsina, na ɗora wa kaina aikin nemo abin da za mu riƙa kallo bayan sallar isha'i. Ba don sha'awar birni ta zo ba. Duk wanda ya san ƙauyukan Safana da Batsari da ke gefen dajin Rugu ya san abin da ya tashi mutane daga gidajensu: kwanan zullumi, satar shanu, da ɗaukar mutane don kuɗin fansa. Ta zo da ƙunshin kayanta da jikoki biyu, ta kuma zo da shirun da ban san ta da shi ba.

Ina cikin masu ganin kansu sun san fim, don haka ban nemi shawarar kowa ba. Na zaɓo The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, kuma hujjojina a jere suke. Da Hausa aka yi akasarinsa. A gasar AMAA ta 2020 ya ci lambobi biyar, ciki har da ta fim mafi kyau a Afirka baki ɗaya, Maryam Booth kuma ta samu ta mataimakiyar jaruma. Shi ne Nijeriya ta aika gasar Oscar a wannan zagayen. Na ce a raina, ga fim na ƙwarai, ga harshenmu, ga labarin da ya shafe mu.

Ba mu yi nisa ba Gwaggo ta miƙe. Labarin 'yan'uwa mata biyu ne masu tallar nono, waɗanda 'yan ta'adda suka afka wa ƙauyensu suka raba su. Da aka zo wurin harin, sai ta gyara mayafinta, ta kama hannun ƙaramin jikan, ta ce mini, "Kai ɗan nan, ai wannan mun gan shi da idonmu. Ku da ba ku gani ba, ku kalla." Ta shiga ɗaki. Washegari matata ta gaya mini ba ta runtsa ba.

Fim ɗin bai yi laifi ba, alƙalan gasar ma ba su yi ƙarya ba. Ni ne na ɗauki amsar wata tambaya na ɗora a kan tambayar da ba ita aka yi ba. Tun daga lokacin nake bin lambobin yabo da natsuwa, kuma ga abin da na fahimta.

Mataki nawa fim ya taka?

Ganyen nan biyu da ake zanawa a jikin fosta, da rubutu a tsakaninsu, kamarsu ɗaya ga ido, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Idan an rubuta Official Selection, ma'anarsa masu shirya biki sun karɓi fim ɗin cikin waɗanda za su haska. Idan Nominee ne, ya shiga jerin ƙarshe na masu takara a wani rukuni. Winner kaɗai ke nufin ya ci. Akwai kuma wani mataki da ya fi ruɗar da mu, wato fim ɗin da ƙasa ta aika.

Misali mafi kusa da mu shi ne Mai Martaba, fim ɗin rikicin gadon sarauta wanda Prince Daniel Aboki ya ba da umarni, Adam A. Zango ya fito a ciki, aka kuma ɗauke shi a Daura. A ƙarshen 2024 aka sanar da cewa shi ne zai wakilci Nijeriya a Oscar karo na 97, a rukunin finafinan ƙasashen waje. Na ji mutane da dama, har masu ilimi, suna cewa fim ɗin Hausa "ya shiga Oscar". Ga yadda abin yake. Kowace ƙasa tana da damar aika fim guda ɗaya tak, kuma kwamitin cikin gida ne ke zaɓensa. A shekarar, ƙasashe fiye da 80 suka aika nasu. Daga cikinsu aka tace 15, daga 15 aka fitar da biyar, daga biyar ɗaya ya ci, wato fim ɗin Brazil mai suna I'm Still Here. Mai Martaba bai shiga cikin 15 ɗin ba, kamar yadda The Milkmaid ma bai shiga ba a nasa zagayen.

Wannan bai rage masa daraja ba. Kwamitin masana harkar fim na ƙasa ya duba abin da aka gabatar masa a shekarar, ya ga fim ɗin Hausa ne ya fi cancanta, kuma wannan shaida ce ta gaske. Amma shaidar kwamitin Nijeriya ce, ba ta masu jefa ƙuri'ar Oscar ba. Mai zaɓen abin kallo ya kamata ya san bakin wa yake ji.

Haka nan sunan bikin yana da muhimmanci. FESPACO na Wagadugu, wanda ake yi tun 1969, ko bikin Berlin, suna karɓar finafinai masu ɗimbin yawa su ɗauki kaɗan. A ɗaya gefen, a shafuka irin su FilmFreeway akwai ƙananan bukukuwa barkatai da mai fim zai biya kuɗin shiga, wasunsu kowane wata suke raba lambobi, kuma ba lalle ne a haska fim ɗin a gaban jama'a ba. Su ma ganye suke bayarwa. Gane su ba wuya: a nemi sunan bikin, a ga ko yana da gari da zauren da ake haskawa, ko an bayyana sunayen alƙalansa, da kuma shekara nawa ya yi. Fostar da ta cika da ganye goma na sunayen da ba a san su ba ta fi nuna ƙoƙarin mai talla.

Wa aka bari ya shiga?

Gasa tana auna waɗanda suka wuce ƙofarta ne kawai, kuma ƙofar tana da sharuɗɗa. A 2019 an cire Lionheart na Genevieve Nnaji daga takarar Oscar saboda dokar rukunin ta ce dole fiye da rabin maganar fim ta kasance ba da Turanci ba, shi kuwa Ibon da ke cikinsa bai wuce mintuna goma sha ɗaya ba. Babu wanda ya ce fim ɗin ba shi da kyau. Wannan doka ita ta buɗe wa finafinan harsunan gida hanya daga baya. Wato idan ka ga fim ɗin Hausa ya wakilci ƙasa, ka tuna bai kara da finafinan Legas da aka yi da Turanci ba.

Wata dokar ta fi shafarmu. Dole a haska fim a sinima, ana sayar da tikiti, kwana bakwai a jere. Yanzu a dubi inda Hausawa ke kallo. Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad masu dogon zango ne, a talabijin da YouTube suke rayuwa, sannan su isa ƙauye ta hannun masu tura finafinai a waya. A Babban Duhu, matan gida ukun da ke kewaye da waya ɗaya ba su taɓa shiga sinima ba, amma sun san kowane ɗan wasa da halinsa. Irin wannan aiki ba ya cikin lissafin Oscar ko kaɗan, don haka rashin ganye a jikinsa bai gaya maka komai ba. Rashin sani ya fi dare duhu, in ji Hausawa, kuma na daɗe ina ɗaukar shirun gasa a matsayin hukunci.

Abin da alƙali ba zai ji ba

Lambar yabo tana da amfani a inda ido da kunnen kowa za su iya aunawa. Idan fim ya ci lambar ɗaukar hoto, ko sauti, ko kwalliya, to ka yarda za ka ga haske mai kyau, za ka ji magana ba tare da ƙugin janareto ba. A masana'antar da ta taso daga kaset ɗin bidiyo, tun Turmin Danya na 1990, wannan ba ƙaramin bayani ba ne. Shi ya sa nake karanta rukunin da aka ci, ba jimillar lambobi kawai ba.

Sai dai alƙalin da ke Amsterdam ko Los Angeles fassarar da ke ƙasan allo yake karantawa. Layi biyu ne, kuma sai an taƙaita su don ido ya riske su. Habaici ba ya tsallakawa ta wannan hanya. Ba zai ji bambancin Katsinanci da Kananci ba, ba zai san ko kirarin da aka yi wa sarki ya hau ko bai hau ba, ba zai lura idan suruka ta kira sunan surukinta gatsal, abin da zai sa duk ɗakin Bahaushe ya yi tsit. Fim zai iya cin lambar harshen Afirka a hannun mutanen da ba su ji harshen ba. Haka kuma fim ɗin da duk ƙarfinsa a zance yake zai iya zama lami a takarda.

Babban abin da ya ɓace mini a daren nan kuwa shi ne nisan da ke tsakanin mai kallo da labari. Ga alƙalin gasa, The Milkmaid taga ce da ya leƙa ya ga rayuwar da bai sani ba, kuma yadda aka nuna tashin hankalin ba tare da rufa-rufa ba yana cikin abin da ya burge shi. Jarumtakar mai fim ce, na kuma yarda da hakan har yau. Amma abin da ya sa fim ɗin ya ci lamba shi ne abin da ya hana Gwaggo barci. Babu rukunin da ke auna wannan, kuma ba aikin gasa ba ne ta auna shi. Aikina ne, ni da na san wanda zai zauna a kan tabarma.

Yanzu idan ni kaɗai zan yi kallo, ina bin ganye, bayan na duba wa ya bayar, a wane rukuni, a wane mataki. Ta haka na san Sarraounia na Med Hondo, wanda ya ci babbar lambar FESPACO a 1987, da Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka gyara aka haska a Berlin a 2018. Babu mai tura fim a waya da zai nuna mini su. Idan kuwa da iyali za a kalla, sai na fara kallon fim ɗin ni kaɗai, ko in tambayi wanda ya gani kuma ya san mutanen gidana.

Bayan kwana uku Gwaggo ta dawo falo da kanta. Ta miƙo mini wayarta mai tsagaggen gilashi, ta ce in haɗa mata da talabijin, akwai inda ta tsaya a Labarina tun tana gida. Na haɗa, na zauna a ƙasa kusa da jikokinta. Ta riƙa yi mini bayanin wane ne wane, wa ya cuci wa, tana tsayar da ni idan na yi tambayar da ba ta dace ba. A daren ta yi magana fiye da duk maganar da ta yi tun zuwanta.